Takardar bashin gwamnati ta faɗi, alhali ana biyan ruwanta

"Ina Yamai. Na sayi takardun bashin gwamnati, kowace jika goma, ruwa kashi 6 cikin ɗari. Yanzu zan sayar, dillali ya ce ba su kai jika goma ba saboda kuɗin ruwa ya hau. Ta yaya?"

Malam, dillalinka bai cuce ka ba. Takardar bashin gwamnati irin taka, wadda ake kira OAT, ta sefa 10,000 mai kashi 6, tana biyan sefa 600 a shekara, kuma wannan 600 ɗin an rubuta shi tun ranar fitarwa, ba ya motsi. Abin da ke motsi shi ne farashinta a hannun mai saye na biyu.

Mu ce saura shekara uku a mayar maka da uwar kuɗi gaba ɗaya, sababbin takardu irin taka kuma kashi 8 suke bayarwa. Mai jika goma zai samu 800 a sabuwa, 600 a taka. Don me zai biya ka cikakken kuɗi? Sai ka rage masa har ribarsa ta kai kashi 8 ɗin.

Ragin kuwa lissafi ne. Kuɗin da zai zo baɗi a raba shi da 1.08, na shekara ta biyu a raba sau biyu, na ta uku sau uku. 600 na farko ya koma kusan 556, na biyu 514, sai 10,600 na ƙarshe, wato ruwa da uwar kuɗi, ya koma 8,415. Jimilla 9,485. Wanda ya saya a haka yana karɓar 600 duk shekara, ranar biya kuma a ba shi 10,000 cif, ƙarin 515 ɗin ne ke cike masa giɓin.

Na sha ganin masu raba 600 da kashi 8 su samu 7,500, hankalinsu ya tashi. Wannan lissafin takardar da ba a taɓa mayar da uwar kuɗinta ne, taka kuwa tana da wa'adi. Tsawon wa'adin ne ke ƙara zafin faɗuwar: da saura shekara ɗaya, 9,815 za ta yi; da saura goma, wajen 8,658. In kuma taka mai biyan uwar kuɗi kashi-kashi ce, faɗuwar ba ta kai haka ba.

Kada ka dubi ruwan BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, kaɗai, duk da ya tashi daga kashi 2 zuwa 3.5 tsakanin 2022 da ƙarshen 2023. Ka dubi ribar da masu saye suka nema a gwanjon baya-bayan nan na UMOA-Titres, hukumar da ke shirya sayar da takardun bashin gwamnatocin yankin, a takardun ƙasa ɗaya da taka masu wa'adi kusa da naka. Da ita za ka sake lissafin, ka ga ko tayin dillali ya yi daidai, sannan ka cire la'adarsa, ka tambayi ruwan watannin da suka taru tun biyan ƙarshe, don naka ne.

In ba matsuwa gare ka ba, kuma baitulmali na biya a kan lokaci, riƙe ta: ranar wa'adi jika gomanka za ka karɓa. Asararka a lokacin ita ce 200 ɗin da sabuwar takarda za ta ƙara maka kowace shekara.