Awon dantsen yaro a ranar cunkoso: inda milimita biyu ke canza hukunci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Wata huɗu ke nan da na fara aiki a wata likita da ke wajen birnin Maradi, kuma ni aka ɗora wa awon tamowa. Tun da damina ta zauna, rumfarmu ba masaka tsinke. Shekaranjiya na auna wata yarinya na samu 117, abokin aikina ya sake aunawa ya samu 113. Ni na ce rawaya, shi ya ce ja. Wa ke da gaskiya? Kuma dole ne sai na nemo tsakiyar dantse ga kowane yaro, alhali mata sun yi layi har bakin ƙofa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ban ga yarinyar ba, amma in za a tilasta ni in zaɓa, zan fi karkata ga 113. Dalilina shi ne kurakuran gaggawa da na fi gani duk sama suke tura lamba. Yaro na kuka ya lanƙwashe hannu, naman dantse ya taso. An bar bakin hannun riga ko igiyar laya a ƙarƙashin zaren awo. Zaren ya zauna a karkace, ko an bar shi sako-sako don kada yaro ya ƙara ihu. Kowane ɗaya a cikin waɗannan yana iya ƙara milimita biyu ko uku. Kuskuren da ke rage lamba guda ne sananne, wato a matse zaren har fata ta tattare. Saboda haka ki tambayi abokin aikinki yadda ya ja nasa, ke kuma ki tuna yadda hannun yake lokacin da kika karanta naki.

Iyakokin kin san su, amma bari in faɗe su da lamba, don launi yana ruɗi. Ga yaro mai wata 6 zuwa wata 59, ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, ita ce ja. Daga 115 zuwa 124 matsakaiciya ce, rawaya. Daga 125 zuwa sama kore. Ki lura, 115 cif rawaya ce, 114 ja. Kafin 2009 iyakar ja tana kan 110, sai Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115. Na kawo wannan ne don har yanzu akan ci karo da tsohon zare a ƙasan durowa, wanda jansa ya ƙare a 110. A kan irin wannan zaren, yarinyarki mai 113 ba za ta faɗa ja ba ko da an auna ta daidai. Gobe da safe ki tattara duk zaren da ke ɗakinku ki duba inda ja ya tsaya, sannan ki shimfiɗa kowanne a jikin rula. Wanda ya lanƙwashe, ya koɗe, ko tagarsa ta yage, ki jefar.

Yanzu awon kansa. Uwa ta zauna da yaron a cinyarta, a tuɓe hannun hagu gaba ɗaya. Ki lanƙwasa gwiwar hannun ta zama kusurwa, ki laluba ƙashin da ke ƙarshen kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, ki auna tsakaninsu ta bayan dantse. In kin samu santimita 13, tsakiya tana kan 6 da rabi, sai ki ɗiga biro a wurin. Daga nan ne mutane ke tuntuɓe: lanƙwasawar don neman tsakiya ce kawai. Kafin ki naɗa zare, hannun ya sauka ya miƙe a gefen jiki, a sake. Ki zura bakin zaren ta ramin, ki ja har ya kwanta a kan fata ko'ina, ba giɓi, ba kuma tattarar fata. Ki sunkuyo idonki ya daidaita da tagar, ki karanta lambar da ke tsakanin kiban nan biyu, ki faɗe ta da ƙarfi, a rubuta nan take. In yaro na fizge-fizge, uwa ta ba shi nono, ki jira. Daƙiƙa talatin na jira ba su kai tsadar lambar ƙarya ba.

To ga batun layi. Ba na ce a ɗiga biro ga kowane yaro ba. Yaron da dantsensa ya kai 140, ko kin sauka ko kin hau da faɗin yatsa ɗaya, yana nan a kore. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba awon gida biyu. A bakin rumfa a sa mutum guda, ko da ɗan sa-kai na gari ne da aka koya wa, ya riƙa kimanta tsakiya da ido, yana auna dantse yana danna ƙafa. Aikinsa tacewa ce, ba yanke hukunci ba. Duk wanda ya fito ja ko rawaya, da wanda yake kore amma a bakin iyaka, kamar 125 zuwa 130, da wanda ƙafarsa ta lotsa, ya wuce teburinki. A teburinki kuwa ba gajeriyar hanya, domin lambarki ce za ta shiga rajista, ita ce za ta ce a ba yaro magani ko a sallame shi. Mai tacewar kuma ya buɗe ido: yaron da ke suma, ko jijjiga, ko ya kasa shan nono, ba ya jiran awo, ciki ake shiga da shi kai tsaye.

Mu koma ga yarinyarku. Idan awo biyu suka raba gari a kan iyaka, kada ku haɗa ku raba biyu. Dubi abin da zai faru: 117 da 113 tsakiyarsu 115, kun mayar da ita rawaya da lissafi, ba da awo ba. Ku sake daga farko, ku biyun tare, da ɗigon biro, ɗaya na aunawa ɗaya na kallon hannu. A ce ta fito 113. Sai ki danna bayan ƙafafunta, ki auna nauyi da tsayi, ki duba zafin jiki da numfashi da cikin fatar ido, a yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro tunda lokacinsa ne. Sannan gwajin ci: uwa ta wanke hannu, ta koma gefe inda ba hayaniya, ta ba ta Plumpy'Nut, abincin nan na maganin tamowa, da ruwan sha a kusa, ba tare da ɗura ba. In ta cinye abin da jadawalinku ya nuna ga nauyinta, kuma ba wata alamar haɗari, ta shiga CRENAS, a bi ta mako-mako tana gida. In ta ƙi ci, ko tana amayar da komai, ko jiki ya saki, ko numfashi na sauri, takardar CRENI za ki rubuta, a kwantar da ita. Zaren ya gaya miki tsananin ramar ne kawai. Inda za a yi jinya, ci da alamomin haɗari ne ke faɗa.

Zan daɗe kaɗan a kan ƙafa, don nan ne zaren yake makancewa. Ki ɗora manyan yatsunki a bayan ƙafafu biyu lokaci guda, ki danna a hankali, ki ƙirga daƙiƙa uku cikakku, ki ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, wannan kumburin tamowa ne, kuma yaron yana ajin mai tsanani ko da dantsensa 135 ne. Ƙafa ɗaya kaɗai ba shi ba ne, a nemi wani dalili. Idan a ƙafafu ya tsaya, alama ɗaya ake rubutawa, +. In ya hau ƙwauri da hannuwa, ++. In ya game jiki har fuska, +++, wannan kuwa kwanciya ce ba shawara. Haka yaron da ya haɗa kumburi da dantse ja. Na taɓa sallamar wani yaro ranar wata kasuwa saboda zare ya nuna kore, kakarsa ma tana murna wai ya yi kumatu. Ban danna ƙafa ba, ina sauri. Bayan kwana biyar aka dawo da shi fatar ƙafa ta fara saɓulewa. Ya rayu, amma tun ranar na mayar da abin ɗabi'a: hannuna ba ya sakin dantse sai ya sauka kan ƙafa.

Akwai wani gurbin kuma. Iyakar 115 ɗaya ce ga ɗan wata bakwai da ɗan shekara huɗu, don haka zaren ya fi kama ƙanana da gajeru, waɗanda su ne suka fi shiga haɗarin mutuwa, wannan kuwa alherinsa ne. Amma dogon yaro ɗan shekara huɗu yana iya ba ki 127 alhali haƙarƙarinsa a waje. In idonki bai yarda da kore ba, ki hau da shi sikeli da allon tsayi. Nauyi bisa tsayi ƙasa da -3 a jadawali shi ma tamowa ce mai tsanani. Ƙofofin shiga uku ne, dantse, kumburi, da nauyi bisa tsayi, kuma ɗaya ta isa. Jariri da bai kai wata shida ba kuwa, kada ki yi masa hukunci da launukan nan, ƙa'idarsa daban ce. In ba karne kuma uwa ba ta riƙe watan haihuwa ba, ki bi ta da abin da ta sani: kafin azumi ne ko bayan Sallar Layya, ana shuka ne ko gero ya shiga rumbu?

In kina son ki san ko hannunku ya daidaita, rajista za ta gaya miki. Ki buɗe shafukan watan jiya ki bi layin da aka rubuta PB, wato awon dantse. In kika ga 110, 115, 120, 125 sun cika shafi, ba 113 ba 118, to ana zagaye lamba ne, ba a karanta taga. In kuma 114 ta yi yawa fiye da kima, wani yana jan zare don tausayi, yana so uwa ta samu abin kai wa gida. Na fahimci zuciyar, amma mako mai zuwa wani zai auna ya samu 119, a rubuta cewa yaro ya fara murmurewa alhali ba abin da ya canza. Maganin duka biyun, ku ware rabin awa a ranar da ba cunkoso, ku zaɓi yara biyar, kowa ya auna su a ɓoye ya rubuta, sannan ku kwatanta. Inda bambanci ya wuce milimita biyu, ku tsaya kan wannan yaron ku ga hannun wa ke zamewa.

Ita kuma yarinyar, in da 117 aka rubuta mata ta tafi gida, kada ki jira ranar da aka ba ta. Ki duba sunan garinsu a rajista, ki aika ta hannun ɗan sa-kai na garin a ce uwar ta dawo da ita cikin makon nan. In ta shiga da awon dantse, da shi za ku sallame ta: sai ta kai 125 ko fiye, kuma ta yi mako biyu ba kumburi.