Inbois Ya Ce 600, Sito Ya Ce 586

Maigida, inbois ɗin simintin da aka sauke jiya ya ce buhu 600, amma takardar karɓar kaya ta sito ta ce 586. Wanne zan gyara su zo daidai, kuma me zan rubuta a takardar duba bambanci?

Ɗana, kada ka taɓa ko ɗaya. Inbois na dila ne, takardar karɓa kuwa shaidar mai sito ce a kan abin da ya ƙirga da hannunsa. Duk wadda ka soke lamba a cikinta ka kashe ta a matsayin hujja. Bambancin takardarsa daban.

Ɗauko takardar oda da wayabil ɗin direba ka shimfiɗa su kusa da waɗannan biyun, domin takardar karɓa adadi take faɗa, ba kasafai take ɗauke da farashi ba; farashin da aka yi ciniki a kai yana cikin oda. Fara da lambar oda: ita ce a kan inbois, ita ce a kan takardar karɓa? Dila ɗaya kan turo mota biyu a mako, kuma yawancin rigimar da ake yi a ofis haɗa inbois ɗin wata mota ne da takardar wata.

In lambobi sun dace, sai ka bi buhu 14 ɗin nan, don ba lallai matsalarsu ɗaya ba. A ce mai sito ya rubuta cewa 592 suka sauko daga mota, shida a ciki sun sha ruwa sun daskare, ya ƙi karɓarsu. Ka ga takwas ba su iso ba, shida sun iso a lalace. Layi biyu ke nan. Na takwas ɗin, duba wayabil: in an rubuta 600 aka loda, kayan a hanya suka ɓata, maganar ta shafi mai mota, in 592 aka loda, kuskuren daga ofishin dila ne. Ka tabbata direba ya sa hannu a kan ragin kafin ya tashi, don in bai sa ba dila zai ce a sitonmu aka kwashe. Shidan kuma a ware su gefe, a ɗau hoto, kada a sayar ko a zubar har sai dila ya yi magana.

Daga nan farashi. A ce oda ta ce naira 9,500 kowane buhu, inbois ya zo da 9,700. Layi na uku ke nan: naira 200 sau 600, wato 120,000. Ragin takwas a farashin oda 76,000 ne, lalatattun shida 57,000. Jimla 253,000. Gwada ta wata hanya: inbois 5,820,000 ne, abin da ya kamata mu biya kuwa 586 sau 9,500, wato 5,567,000. Ka debe, 253,000 za ta fito. In hanyoyin biyu ba su haɗu ba, akwai kuskure a lissafinka. Wanda aka fi yi shi ne a lissafa buhu 14 a kan 9,700 sannan a ƙara 120,000. Naira 200 ɗin ta shiga sau biyu ke nan, ka nemi rarar 2,800 da ba taka ba, dila ya samu abin kamawa ya ja maganar.

In an ɗora harajin sayen kaya na kashi 7.5 cikin 100, shi ma ya hau kan wannan bambanci: 18,975. Abin da za a cire gaba ɗaya 271,975 ne.

A takardar dubawa, sama ka sa sunan dila, kwanan wata da lambobin takardun huɗu. Kowane layi ya nuna abin da inbois ya ce, abin da oda ko sito ya ce, bambancin, kuɗinsa, dalili, da wanda zai bi maganar zuwa wace rana. Kada ka rubuta "kaya ba su cika ba" kawai. Rubuta "ragin buhu 8, direba ya sa hannu a wayabil". Wuraren da suka dace ma ka yi musu alama, don mai duba littafi ya san an duba su, ba tsallake su aka yi ba.

Ka sa hannu, mai sito ya sa, sannan ka kawo mini. Inbois ɗin ba zai je wurin biya ba sai dila ya aiko da takardar rage bashi ta 271,975 ko sabon inbois. In cikon buhu takwas ya zaɓi turowa, a buɗe musu sabuwar takardar karɓa mai ɗauke da lambar odar nan, ka rubuta lambarta a layin ragin kafin ka rufe shi.