Hukuncin Wallafa Godiya Kan Kyautar Albashin Farko

Tambaya: Malam, na karɓi albashina na farko, na saya wa mahaifiyata waya, mahaifina kuma tufafi. Ina so in rubuta 'yar godiya in wallafa da hoto, amma ina tsoron riya. Ya halatta? Kuma me zan rubuta?

Amsa: Allah ya sa albarka a wannan aiki, ɗana. Kyautar kanta biyayya ce ga iyaye, kada tsoron riya ya sa ka fasa irinta. Wallafawar ce ke buƙatar bayani.

Asalinta halal ne, domin Allah ya ce a ƙarshen Suratud Duha a ba da labarin ni'imarsa. Sai dai a Baƙara, aya ta 271, ya nuna bayyana sadaka yana da kyau, ɓoyewa kuma ta fi alheri, malamai kuwa suna auna sauran ayyukan nafila da wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jundub cewa wanda ya yi aiki don a ji, Allah zai jiyar da shi, wato ya tona asirinsa. Saboda haka abin da na fi rinjayarwa: ka ambaci ni'imar, ka sakaya kyautar.

Ga yadda za ka gane bambancin. Idan ka rubuta "Yau na share wa Mama hawaye, na saya mata waya", wa aka yaba? Kai. Mahaifiyarka ta koma mabukaciya, kai mai taimako, wannan kuwa ya kusa da gorin da aya ta 264 a Baƙara ta ce yana ɓata sadaka. Alhali a Sahihu Muslim an ce ɗa ba zai iya saka wa mahaifinsa ba, sai in ya same shi bawa ya saye shi ya 'yanta. To ina waya ta kai nan?

Suratu Luƙman, aya ta 14, ta jera maka tsarin: godiya ga Allah, sannan ga iyaye. Sai ka ce: "Alhamdu lillahi da ya nuna mini albashina na farko. Mama da Baba, tarbiyyarku da addu'arku ne sila. Allah ya ji ƙanku kamar yadda kuka rene ni ina ƙarami." Ka ga babu adadin albashi, babu farashi, babu hoton kwalin waya. Hoton iyayenka kuma kada ka sa sai da yardarsu, musamman na lokacin da Mama ke hawayen farin ciki. Wannan sirrin gida ne. Ka tuna ma cikin masu karantawa akwai maraya, akwai wanda ya shekara yana neman aiki, kuma kambun baka gaskiya ne.

Kafin ka tura, tambayi zuciyarka: in babu wanda ya tanka, zan ji zafi? In za ka ji, bar rubutun, ka je ka durƙusa gabansu ka faɗa musu da bakinka. In kuma niyyarka ta tsarkaka sai yabo ya biyo baya, babu komai a kanka. Annabi (SAW) ya kira wannan bushara ta gaggawa ga mumini, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Zarr.

Wallahu a'alam.