Lome sun cire, Damagaram ma za a cire? Ga abin da ya same ni da Abijan

«Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ƙaramin biro a nan Damagaram, muna harkar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Akwai manhajar da na rubuta, wani kamfani a Lome yana amfani da ita yana biyana duk shekara, amma sai sun cire 15 cikin 100 wai lanho. Yanzu kwantabul ya ce kuɗin nan sai sun shiga lissafin ISB ɗina a nan, wato harajin riba. To sau biyu ke nan zan biya?»

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi ina karanta saƙonka sai da na ji ƙirjina ya yi nauyi, don har gobe akwai kuɗina a Abijan da na bar wa Allah. Kwantabul ɗinka bai yi ƙarya ba, kuɗin za su shiga lissafinka na nan. Amma ka zaunar da shi ka tambaye shi a wane layi zai rubuta abin da aka cire maka a Lome, don a nan ne nawa ya kashe ni.

Ka san Togo da Nijar duk UEMOA ne, kuma akwai doka mai lamba 08/2008 da ministocin ƙungiyar suka amince da ita a 2008, ta fara aiki a 2009, ta haɗa ƙasashe takwas ɗin duka. Abin da ta ce a kan irinmu shi ne: kuɗin hayar fasaha, kamar na izinin amfani da manhaja, ƙasar da aka biya daga cikinta tana iya cirewa amma kar ta wuce 15 cikin 100, ita kuma ƙasar da kake zaune ta rage maka abin da aka cire daga cikin harajin da take binka. Daga cikin harajin fa, ba daga cikin ribar ba. Riƙe wannan da kyau.

Bari in ba ka nawa lissafin, na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi. Manhajata ta karɓar kuɗin makaranta ce, wani kamfani a Abijan ya ɗauka a kan sefa 4,000,000 a shekara. Abin da na kashe a kanta, da albashin yaron da ke gyara ta da kuɗin intanet da sauransu, 1,000,000 ne, wato ribar can 3,000,000. Aikina na gida kuma ya bar mini 6,000,000. In ka haɗa 9,000,000 ke nan, kuma da 30 cikin 100 aka yi mini lissafi, ya ba da 2,700,000. A cikin wannan, rabon kuɗin Abijan 900,000 ne. Abin da doka ta yarda su cire can, 15 cikin 100 na miliyan huɗu, 600,000 ne. Tunda bai kai 900,000 ba, ana rage mini shi duka, in biya 2,100,000 a nan, shi ke nan an rabu lafiya.

To ba haka aka yi ba. Na farko, mutanen Abijan 20 suka cire ba 15 ba, wato 800,000, sai 3,200,000 suka faɗo banki. Na biyu, kwantabul ɗina na lokacin, mutumin da nake kai wa buhun gero da azumi, da na yi wa ɗansa hanyar aiki, ya duba takardar banki ya ga 3,200,000 ya rubuta su haka nan. Ma'ana ya mai da harajin Abijan kamar kuɗin lantarki ko na haya, abin da ake cirewa daga riba. Riba ta koma 8,200,000, na biya 2,460,000. Ka ga bambancin? Jaka 360 sun tafi a banza a nan gida, ga kuma jaka 200 na ƙarin da aka zaftare can. Da na gano na je na same shi da takarda da biro, na yi masa lissafin a gabansa, sai ya tura tabarau kan goshi ya ce: «Alhaji, ai duk ɗaya ne, cirewa cirewa ce.» Duk ɗaya! Shekara nawa yana cin abinci da sana'ar nan. Ban ce masa komi ba, na kwashe dosiyena na fita, har yau in mun haɗu wajen jana'iza gaisawa kawai muke.

Amma shi ma bai ƙona mini rai kamar mai kula da kuɗin kamfanin can ba. Da na nemi a gyara lissafin, ma'aikacin hukumar harajin nan da ya karɓe ni ya yi mini mutunci, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in kawo shaidar cewa an cire kuma an zuba wa hukumar harajin can. Na miƙa masa takardar banki. Ya ce wannan tana nuna abin da ya shigo ne, ba ta nuna inda sauran suka je ba. Gaskiyarsa. Ka san zafin watan huɗu a garin nan, ga ranar 30 ga wata ta miƙa lissafin haraji tana matsowa, ga ni tsaye a inuwar bango ina kiran Abijan da kuɗina. Mai kula da kuɗin nan ya karanta saƙo ya yi shiru. In kira, wai yana taro. In sake kira, wai shugaba ya yi tafiya da hatimi. Da ƙyar ya turo wata takarda, na buɗe da murna, sai na ga sunan manhajar aka rubuta a wurin sunana, ba lambar NIF ɗina ta mai biyan haraji, shekarar ma ta baya ce. Na zauna a kan babur ɗina na daɗe ban tayar ba. Uwargida ta bugo tana tambayar kuɗin makarantar yara, ni da nake sayar da manhajar karɓar kuɗin makaranta. Har yanzu zuciyata ba ta yarda cewa sun zuba kuɗin nan a kan lokaci ba, don wanda ya zuba ba ya wahalar nuna rasit. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Takardar kirki ta zo daga baya, bayan na ce zan rufe musu manhajar. Ita ce ake kira atestasiyon ta cirewa daga tushe. Kai ma ka nema tun yau, kar ka jira watan huɗu, kuma ka duba ta da idonka: sunanka yadda yake a kan NIF, jimlar kuɗin kafin a cire komi, kason da aka cire, shekarar, sannan a haɗo maka kwafin rasit ɗin hukumar harajin Togo. Yanzu ni a kwantiragi nake sa shi, ba takarda ba sabunta lasisi.

Af, jaka 200 ɗin nan kuwa, a nan aka ce mini ba ruwan Nijar da su, ita abin da doka ta yarda a cire kawai take ragewa, sauran in je in nema inda aka cire. Su kuma mutanen Abijan suka ce laifina ne da ban kawo musu shaidar cewa a Nijar nake biyan haraji ba, shi ya sa suka yi mini kuɗin baƙo. Kai ka yi sa'a 15 suka cire maka. Duk da haka ka je DGI, hukumar harajinmu, ka nemi takardar shaidar mazaunin haraji kowace shekara ka tura musu kafin su biya, don ranar da suka canza kwantabul sabon zai iya yi maka abin da aka yi mini. Kuma ba a ba ka ita cikin sauƙi in ana binka bashi, ka fara share gabanka.

Wani abu kuma, kar ka sa rai cewa duk abin da aka cire zai dawo. Ragin yana da iyaka, ba ya wuce harajin da Nijar za ta ɗora wa kuɗin can ɗin su kaɗai. Su can a kan jimla suke cirewa, mu nan a kan riba ake lissafi, to a shekarar da ka kashe da yawa sai iyakar ta sauko. Ka ɗauka a kan miliyan huɗun nan na kashe 2,500,000, ribar ta zama 1,500,000, harajinta na nan 450,000. An cire mini 600,000 can, amma 450,000 kaɗai za a rage. Sauran 150,000 ba a ba ka su a hannu, ba a kuma rage su daga harajin aikinka na Damagaram. Shi ya sa nake ware littafin kuɗin waje daban, abin da aka kashe dominsa a san shi, kar a jibga masa hayar biro da man babur duka a ƙara danne iyakar.

Sannan ka sake karanta kwantiraginka, me suke biya takamaimai? In izinin amfani da manhajar ne, to 15 ɗin tana kan hanya. In kuwa akwai gyara da koyarwa da kake yi daga kan teburinka a nan, alhali ba ka da biro a Lome, wannan aiki ne ba hayar fasaha ba, kuma bisa dokar nan, Nijar ce ke da harajinsa. In suka cire a kansa, a nan za a iya ce maka ba a yi shi bisa doka ba, a hana ka ragi. Ni faktir biyu nake yi yanzu, ta lasisi daban, ta gyara daban.

Na san masu harkar Kano a cikinmu za su ce su fa? Ku yi haƙuri, Najeriya ba ta cikin UEMOA, dokar nan ba ta kai can ba, kuma ba ma cikin CEDEAO tun 29 ga Janairu 2025. Ga naira da ba ta tsayawa wuri ɗaya, abin da aka cire maka a watan biyu ba shi ne darajarsa a watan goma ba. Mu da Lome ko Abijan aƙalla sefa ɗaya ce, ba rigimar canji. Masu kwastoma a Faransa ma su daina dogaro da tsohuwar yarjejeniyar 1965, gwamnati ta sanar da soke ta a Disamba 2023. Wani abokina har yanzu yana kafa hujja da ita, na gaji da gaya masa.

Kafin ka koma wajen kwantabul, ka ce ya yi maka lissafin iri biyu a takarda ɗaya, wanda aka cire daga riba da wanda aka cire daga haraji, ka ga alƙaluman da idonka. In ya fara cewa duk ɗaya ne, ka kwashe dosiyenka. Kuma ka gaya mana ko kana kan tsarin lissafin riba na gaske ne ko na dunƙule kake biya, don duk abin da na faɗa na masu lissafin riba ne. Ka ɗauko mana hoton sashen kwantiragin da ya yi maganar biya, ka rufe sunaye, mu ga ko gyaran yana ciki.