Wasiƙar gayyatar babban baƙo zuwa bikin ƙungiyar mawaƙa

"Ni ne shugaban mawaƙan majami'armu a Jos, muna shirin bikin cika shekara 25, ta yaya zan rubuta wa malamin kiɗa da ya yi ritaya ya zama babban baƙo?"

Ɗan'uwa, ka buɗe da "Zuwa ga Babanmu", ka gaishe shi a layi ɗaya, sannan ka faɗi roƙon tun a sakin layi na farko tare da rana, lokaci da wurin taron. Bayan haka ka ambaci abu guda da ya koyar wanda mawaƙanku ke amfani da shi har yau, kamar rarraba muryoyi kashi huɗu, domin wannan zai nuna masa dalilin zaɓensa.

Sharaɗin da na fi damuwa da shi shi ne ka bayyana abin da ake so ya yi, ko jawabin minti biyar ko jagorantar waƙa ɗaya, kuma ka rubuta cewa za ku ɗauko shi da mota ku mayar da shi gida. A namu bikin mun bar wannan a rufe, dattijon ya ɗauka gudummawar kuɗi ake nema daga ɗan fanshonsa, ya kusa ƙin zuwa. Ka kai wasiƙar hannu da hannu mako shida kafin ranar, kada ka buga sunansa a katin gayyata sai ya amsa.