Kar lambar jikin kwali ta ruɗe ka

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina son sayen sifika mai bulutut ta zaman istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da fita jeji, mutum kamar 40. Na ga wata a nan Jidda an rubuta wat 1000, batir awa 12, kuma da araha. In ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah dakata, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Irinta sak na saya lokacin sunan 'yata, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mai shagon ya kunna min ita a ɗan shagonsa, bes na dukan ƙirji, fitilu na walƙiya, ya rantse min za ta kai asuba. Na biya ko tayi ban yi ba. Ranar suna muka kunna bayan la'asar a filin istiraha, tun daga nan na ga alama, don na baya ba sa ji sai da na ƙure murya. Bayan magariba Malam ya karɓi makirfo zai yi addu'a, surukaina duk suna zaune, ya ce "a yi salati", sai ɗif. Ta mutu. Kawun matata ya juyo ya dube ni, bai ce komai ba, wallahi gara ma ya zage ni. Washegari na mayar, mutumin nan ko kunya babu ya ce ni na cika murya. To da me na saye ta, raɗa?

Daga baya wani ɗan'uwanmu mai gyaran waya ya juya bayanta ya nuna min rubutun batirin: 7.4V, 3600mAh. Ya ce in raba 3600 ɗin da 1000, ya zama 3.6, in ninka da 7.4, ya ba da kusan 27. Wannan shi ne Wh, ma'aunin cajin da batirin ke ɗauka, ainihin abin da ke cikin tulun. Da gaske wat 1000 take ja, ko minti biyu ba za ta yi ba. In kuma ka raba 27 ɗin gida 12, awannin da suka yi alkawari, wat biyu da ɗoriya ke nan, muryar sauraro a ɗaki. Ni da na ƙure ta a fili tana shan wajen wat 10, shi ya sa ta yi awa biyu da rabi ta kwanta. Saboda haka ka nemi Wh, ko ka yi lissafin da kanka a gaban mai shago. Zaman awa shida da murya sama, ni ba na kallon abin da bai kai Wh 60 ba.

Wat 1000 ɗin kuwa, duba da kyau, za ka ga PMPO a gefensa ko ba komai. Lambar talla ce kawai. Wadda ake kamawa ita ce RMS, ƙarfin da sifika ke iya bayarwa a ɗore, kuma a ganina mai RMS 60 zuwa 100 ta ishi mutum 40. Kar ka ƙara kuɗi mai yawa don daga 50 zuwa 100, ninkin wat ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji. Ka kuma tambaya ko ƙarfin nan a kan batir ne, don wasu sai an jona su da wuta suke ba da shi duka.

Bes shi ya yaudare ni. A shago bango ke dawo da shi, a jeji ba abin da zai dawo da shi, ga shi ya fi komai cin caji. Faɗin sifikar ke yin bes, mai inci 6 ko 8 ta fi 'yar ƙarama bes ko me aka rubuta wa ƙaramar. Ka ce a fito da ita bakin ƙofa, ka ja da baya taku goma, a ƙara murya. In ta fara karkarwa ko bes ya ɓace, ajiye musu. A istiraha ina ɗora tawa kan tebur kusa da katanga, in kashe fitilun nan na banza.

Af, ƙura. In ka ga an rubuta IP67 a kwali, yana nufin ƙura ba ta shiga, IPX7 kuwa ruwa kaɗai aka gwada. Kuma kar ka bar ta a mota da rana, zafin garin nan yana kashe batir. Waccan ta farkon ma a but na jefar da ita don haushi, wata biyu na buɗe na tarar batirin ya kumbura. Har yanzu in na bi ta layin shagon nan sai na kau da kai.