Kafin ka fara fim mai dogon zango, ƙirga awanni ba zanguna ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya tura min Ertuğrul a waya, ya ce "zango biyar ne kacal". Yau wata na huɗu ke nan ban gama na biyu ba. Don Allah ta yaya mutum zai gane tun farko ko fim na 'yan kwanaki ne ko na shekara? — Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ƙanenki bai yi miki ƙarya ba, zango biyar ɗin ne. Inda aka samu matsala shi ne kalmar zango ba mudu ba ce, ba ta da awo ɗaya. Zangon wata ƙasa kashi shida ne, na wata ƙasar kuma ya wuce saba'in.

Bari mu yi lissafin wanda ke hannunki. Tashar TRT 1 ta Turkiyya ta haska Diriliş: Ertuğrul daga 2014 zuwa 2019, kashi 150. Sai dai kashin Turkawa ba irin wanda muka saba ba ne: kowanne yakan kai awa biyu ko fiye, domin shi ne shirin daren gaba ɗaya, sau ɗaya a mako. Da aka fitar da shi kasuwar waje sai aka yayyanka kusan kowane kashi gida uku, ya koma kashi 448 masu kusan minti 45. Zangon farko kaɗai, wanda yake kashi 26 a Turkiyya, ya zama 76. Ki ninka 448 da minti 45, za ki samu awa 336. In kashi ɗaya kike kallo kowane dare, ba fashi, ba aikin dare, ba ɗaukewar wuta, sai kin yi shekara ɗaya da kusan wata uku. Don haka wata huɗu kina cikin zango na biyu ba nawa kika yi ba, daidai lissafin kike tafiya. Ga kuma batun wuri a waya: a ce kowace awa tana cin megabayit 300, kin doshi gigabayit ɗari ke nan.

Yanzu ki ajiye shi kusa da Chernobyl na 2019, wanda ya ba da labarin fashewar tashar nukiliya a Tarayyar Sobiyet a 1986. Kashi biyar ne, duka-dukansa bai kai awa shida ba. Ki fara Litinin, ki gama Juma'a. Wannan shi ne gajeren zango na gaskiya, kuma bambancinsa da ɗan'uwansa ya wuce tsawo. Marubucinsa ya san inda labarin zai tsaya tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, don haka kowane kashi yana tura ki gaba ne zuwa ƙarshe. Mai dogon zango kuwa ana gina shi ne don kada ya mutu muddin ana kallo. Shi ya sa za ki ga an gama da mugu guda, wani ya ɓullo daga wata ƙabila. An kama jarumi, ya kuɓuta, an sake kama shi. Ban ce aibi ba ne. Akwai mai son ya zauna da mutanen fim har su zama kamar 'yan gidansu, kamar yadda Daɗin Kowa na Arewa24 ya zame wa gidaje da yawa shekara da shekaru. Amma irin wannan zama ake yi da shi, ba a shigarsa da niyyar a ga ƙarshe ranar Lahadi.

Hanyar ganewa ba ta cin minti biyu. A Netflix, kusa da sunan fim, gajere yakan zo da rubutun Limited Series, dogo kuma a rubuta yawan zangunansa, misali 5 Seasons. A IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, za ki ga TV Mini Series ko TV Series. A nan ɗin ki lura da shekarun da ke gefen suna. In an rubuta 2014–2019, an rufe. In kuwa shekara ɗaya ce da ɗan layi a gabanta ba komai, ana kan yi, kuma babu wanda zai iya gaya miki ranar gamawa. Daga nan sai ki nemi lamba biyu: yawan kashi gaba ɗaya da tsawon kashi guda, ki ninka. Ki tabbatar lambobin na yanka ɗaya ne, kada ki ɗauki 150 na Turkiyya ki ninka da minti 45 na kasuwar waje, ki yaudari kanki da kashi ɗaya bisa uku na gaskiyar. In wajen masu tura fim za ki karɓa, tambayar "zango nawa ne" ba ta da amfani. Ki ce masa kashi nawa ne duka, gigabayit nawa, kuma an gama fassara shi har ƙarshe? Sau da yawa fassarar Hausa tana bayan asalin fim da nisa.

Ƙasar da fim ya fito ma tana ba da haske. Na Koriya ta Kudu galibi kashi 16 ne masu kusan awa ɗaya, labari ya ƙare a nan, ko da yake na tarihinsu sukan miƙe: Jumong kashi 81 ne. Na Indiya da ake haskawa kullum kuwa, kada gajartar kashinsu ta ruɗe ki. Minti ashirin da ɗan kai ne, amma Yeh Rishta Kya Kehlata Hai da aka fara a 2009 ya haura kashi dubu huɗu.

Wurin da lissafin nan yake gazawa shi ne fim mai zango ɗaya. Zango ɗaya iri biyu ne: wanda aka gama da wanda aka yanke. 1899 na Netflix ya fito a 2022 da kashi takwas, masu shi sun tsara shi zango uku, aka soke shi a farkon 2023. Mai ƙirga awanni zai ga aikin mako guda ne, alhali zai tashi da tambayoyin da ba mai amsa masa. A wajena wannan ya fi dogon fim ciwo. Saboda haka in kin ga 1 Season ba Limited Series ba, ki rubuta sunan fim ɗin tare da kalmar cancelled a Google kafin ki fara.

Akasin haka ma yana faruwa. Big Little Lies ya fito a 2017 a matsayin gajere mai kashi bakwai, da ya karɓu sai aka ƙara zango na biyu a 2019. Wannan bai cika damuna ba, domin zangon farko an rubuta shi da ƙarshensa, kina iya tsayawa nan ba a bin ki bashi.

Game da naki, akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu: bayan kashi na 448 labarin ya ci gaba a Kuruluş: Osman, na ɗansa, wanda aka fara a 2019, shi ma zanguna da yawa masu kashin awa biyu. In aikin asibiti ba ya barin ki, ki ƙarasa zango na biyu ki huta a nan, tunda kowane zango yana da babban rikicinsa da ake warwarewa a ƙarshe. In kin ji kewarsu bayan wata guda, na uku yana nan a wayar.